Hoto Ba Ya Maye Gurbin Awo: Wasiƙar Ma'aikacin Gini Ga Mai Gida

A yau mutane da yawa suna gini daga nesa. Mutum yana aiki a Abuja ko Legas, wani ma yana Jidda, amma filinsa yana Kano ko Zariya ko Maraɗi. Idan kuɗi sun ɗan taru sai ya sa ƙanensa ya je wurin ya ɗauko hotuna, ya tura wa wanda ya san aikin gini ta WhatsApp, ya ce a faɗa masa bulo nawa da siminti buhu nawa za su ƙarasa aikin. Abin da yake so a ba shi lamba ɗaya ce, wadda zai riƙe ya tura kuɗi a kanta.

Ma'aikacin da ya san aikinsa, kuma yake tsoron Allah, ba zai ba da lamba ɗaya ba. Zai ce daga kaza zuwa kaza, sannan ya bayyana dalili. Masu gida da dama suna ɗaukar wannan a matsayin kauce-kauce ko shirin cuta, alhali ita ce amsar gaskiya. Domin a fahimci haka, za mu bi misalin wasiƙar da irin wannan ma'aikaci zai rubuta, mu duba lissafin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauka mai gida yana da fili mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo. An fara kewaye shi da katanga, kuɗi suka yanke, aiki ya tsaya. Yanzu yana so a ƙarasa katangar ta kai ƙafa 8, a yi mata filasta ciki da waje, kuma yana so ya san ko tulin yashin da ya rage a filin zai isa. An turo hotuna shida. Wasiƙar ta fara kamar haka:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga hotuna shida da aka turo. Kafin in kawo lissafi ina so ranka ya daɗe ya sani cewa ban je wurin ba, ban kuma sa tef a jikin komai ba. Saboda haka na raba abin da zan faɗa gida uku. Akwai abin da na ƙirga da idona a hoto, akwai abin da na ƙiyasta daga hoto, akwai kuma abin da hoto bai nuna ba sam. Na farko za a iya dogara da shi, na biyu a riƙe shi da hattara, na uku sai an je an gani."

Wannan rabo gida uku shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Duk ƙiyasin da aka yi daga hoto ba a faɗi wace lamba ce ta fito daga ƙirga ba, wace ce kuma ta fito daga zato, to an haɗa wa mai gida ƙaƙƙarfa da rarrauna a ƙwarya ɗaya, ba zai iya bambance su ba.

Abin da ake iya ƙirgawa

Bulo shi ne ya fi sauƙi, domin girmansa sananne ne. Fuskar bulon siminti da ake bugawa a Nijeriya tana da milimita 450 a tsawo da 225 a tsayi, wato inci 18 da inci 9. Idan hoto ya fito tar, ana iya ƙirga layukan da aka ɗora, kuma wannan ƙirga ba ta dogara da nisan mai ɗaukar hoto ba. Layi biyar layi biyar ne, ko daga ina aka tsaya.

Ma'aikacin ya rubuta: "A katangar gaba da ta gefen dama na ƙirga layi biyar a saman ƙasa. Ƙafa 8 kusan mita 2.4 ce, wato layi goma ke nan, saboda haka saura layi biyar. Kewayen filin ƙafa 300 ne, kusan mita 91. Na cire mita 4 na ƙofar shiga, ya rage mita 87. Amma Alhaji ya lura, wannan tsawon daga bakinka na ji shi, hoto bai ba ni ba."

Daga nan sai ƙaramin saɓani na farko ya shigo, wato kaurin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo. Wani birkila yana barin milimita 10, wani kuma hannunsa yana da nauyi, yana kaiwa 25. Idan 10 ne, kowane bulo yana cin milimita 460 a layi, layi ɗaya na mita 87 zai ci bulo 189. Idan 25 ne, bulo 183 ya isa. A layi biyar, bulo 915 ke nan zuwa 945. Wannan tazara ba ta da yawa, kuma hakan yana nuna cewa inda hoto ya nuna abu a fili, ƙiyasi yana iya matsowa kusa da gaskiya.

Matsalar tana wajen da kyamara ba ta kalla ba. Cikin hotuna shidan babu wanda ya nuna katangar baya, domin ciyawa da tulin yashi sun tare ta. Idan ita ma ta kai layi biyar, lissafi yana nan yadda yake. Idan kuwa an tsaya a harsashi ba a ɗora komai a kai ba, faɗinta mita 15 ne, bulo 33 a layi, layi biyar da ba a yi ba sun zama ƙarin bulo 165. Sai a sa kashi 5 cikin ɗari na wanda zai karye wajen saukewa da yankewa. Shi ya sa wasiƙar ta ce: "Bulo tsakanin 960 da 1,170. Ban cire wuraren ginshiƙai ba domin ban ga yawansu ba. Mafi yawan wannan tazara daga katangar baya take, hoto ɗaya mai kyau daga can zai rufe ta."

Akwai wani abu kuma da ke yaudarar mutane da yawa. Bulo mai inci 6 da mai inci 9 fuskarsu ɗaya ce, a kauri kawai suka bambanta. Wanda ya tsaya gaban katanga ya ɗauki hoto bai nuna kaurinta ba. Yawan bulon ba zai sauya ba, amma kuɗinsa zai sauya, kuma mai inci 9 ya fi cin kwaɓi saboda faɗin da ake shimfiɗa shi a kai ya fi na ɗayan da rabi. Idan aka sayo mai inci 9 alhali da mai inci 6 aka fara, an yi asarar kuɗin mota da na lebura kafin a ɗora ko layi ɗaya.

Yadda kyamara ke sauya girman abu

Inda babu bulon da za a ƙirga, kamar bangon da aka riga aka shafe ko tulin yashi, sai mai ƙiyasi ya nemi wani abu a hoton wanda ya san girmansa, ya auna sauran da shi. Yawanci mutum ne a tsaye, ko ƙofa, ko duro. Nan ne kuskure ke shiga ba a sani ba, domin kyamara tana ƙanƙanta abu gwargwadon nisansa. Abin da ke nesa ninki biyu, rabin girmansa yake fitowa.

A ce ƙanen mai gida ya tsaya mita 8 daga mai ɗaukar hoto, bangon kuma yana mita 10, wato taku biyu ko uku ne kawai a bayansa. A hoto za a ga kamar ya jingina da bangon. Idan aka auna bangon da tsayin mutumin, bango mai mita 2.4 zai fito kamar mita 1.9 da ɗoriya. An tauye kashi 20 cikin ɗari, kuma babu abin da zai nuna wa mai lissafi cewa ya yi kuskure. Haka nan idan an ɗauki doguwar katanga a karkace, gefen da ke nesa yana tsukewa har bulo ya daina ƙirguwa. Wanda ya sa wayarsa a kan 0.5x domin ya kama fili gaba ɗaya ya ƙara dagula lamarin, domin wannan gilashin yana miƙar da abin da ke gefen hoto.

Sannan hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba, manhajar tana rage nauyinsa, ta kuma cire bayanan da ke tare da shi, har da ranar da aka ɗauka. Idan aka ja hoton domin a ƙirga layuka sai ya dushe. Ba a kuma sanin ko hoton na jiya ne ko na kafin damina. Yashin da aka ɗauka hoto wata huɗu da suka wuce, ruwan sama ya kwashe wani, maƙwabta masu gyaran gida sun ɗebi wani.

Tulin yashi da filasta

Wannan sashen na wasiƙar shi ne ya fi koyar da darasi, domin yana nuna yadda ƙaramin kuskure ke girma. Tulin yashi yana da faɗi ta fuska biyu da kuma tsayi, kuma duka ukun ake ninkawa kafin a sami yawansa. Kuskuren da aka yi a kowanne ba tsayawa yake wuri ɗaya ba, yana ninkuwa tare da sauran.

Ma'aikacin ya rubuta: "Na auna tulin da duron da ke kusa da shi. Na ga kamar faɗinsa a ƙasa mita 4 ne, tsayinsa mita 1.3. Idan haka ne, yashin kubik mita 5.4 ne. Amma idan na zarce da kashi 10 cikin ɗari a awona, ainihin yashin kusan 4 ne. Idan kuma na gaza da kashi 10, ya kai 7.2. Ba zan iya rantsuwa cewa kuskurena bai wuce kashi 10 ba, tunda ban san tazarar da ke tsakanin duron da tulin ba."

A lura da abin da ya faru. Kuskuren kashi 10 a awo, wanda ido ba ya ma ganewa a hoto, ya zama ƙarin kashi 33 ko ragin kashi 27 a yawan yashi. Ban da haka, yashi mai danshi yana kumbura, yana iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan busasshe, kuma hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin tulin, ko ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ko tudu ne, ko ɓaraguzan bulo aka zuba yashin a kai.

Sai kuma abin da ake buƙata. Katanga mai mita 87 a tsawo da 2.4 a tsayi, ciki da waje, kusan murabba'in mita 420 ce. Yawan simintin filasta ya rataya ne a kan kaurin shafen, kaurin shafen kuwa ya rataya a kan yadda birkila ya miƙar da bango. Bangon da aka ɗora da igiya da ma'auni, shafen milimita 12 zai rufe shi. Wanda ya yi ciki a wani wuri ya lotsa a wani, dole mai shafe ya cike, sai matsakaicin kauri ya kai 20. Wannan bambanci na milimita 8 bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, babu wayar da za ta nuna shi daga nisan mita 10.

Amma a kuɗi ba ƙarami ba ne. Idan an yi kwaɓi na siminti kwano ɗaya da yashi kwano shida, shafen milimita 12 zai ci kusan buhu 27 mai kilo 50, da yashi kubik mita 5.6. Shafen milimita 20 zai ci kusan buhu 45, da yashi 9.4. Buhu 18 ke nan tsakani, a katanga ɗaya, daga abin da hoto ba ya iya gani. Idan kuma mai gida ya fi son kwaɓi mai ƙarfi na ɗaya da huɗu, lambobin za su hau zuwa kusan buhu 38 da 63.

Yanzu a ajiye lambobin yashin kusa da juna. Abin da ke ƙasa yana tsakanin 4 da 7.2, abin da filasta kaɗai ke nema yana tsakanin 5.6 da 9.4, ba a sa na ɗora bulo ba. Wasiƙar ta yanke hukunci daidai da abin da lissafi ya ba ta: "Yana yiwuwa yashin ya isa filasta idan bangon a miƙe yake kuma tulin yana da girman da nake fata. Amma zato mafi ƙarfi shi ne ba zai isa ba. Shawarata Alhaji ya tanadi kuɗin ƙarin tifa, kada dai a sayo sai an auna."

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Kashi na uku shi ne wanda ma'aikacin ya ƙi sa wa lamba ko kaɗan, kuma ya yi daidai. Hoto bai nuna zurfin harsashi ba, bai nuna ko an zuba kankare a ƙarƙashin bulon farko ba, bai nuna ko akwai rodi a cikin ginshiƙai ba. Bai kuma nuna ƙarfin bulon da aka ɗora ba, domin bulon da aka ƙwange wa siminti da wanda aka buga da kyau kamarsu ɗaya a hoto, sai an murza da hannu ko an ƙwanƙwasa ake ganewa.

Wannan ya wuce maganar kuɗi. Katangar da ta tsaya lafiya a layi biyar, idan aka kai ta layi goma a kan harsashi mara zurfi, iskar farkon damina tana samun faɗin da za ta tura ninki biyu, kuma a can sama inda turawar ta fi tasiri. Idan ta faɗi, a kan hanyar mutane ko gidan maƙwabci za ta faɗi. Saboda haka wasiƙar ta ce: "Ban sa kuɗin gyaran harsashi ba. Idan aka tona aka ga bai kai ba, lissafin nan duka zai sauya, domin za a ƙara kankare da rodi, wataƙila ma a rushe wani sashe. Ba na so in ɓoye wannan a cikin wata lamba, gara in faɗa a fili."

Ba da ƙiyasi mai tazara ba ƙirƙirar wannan ma'aikaci ba ce, ƙa'idar sana'ar ce a ko'ina. Ƙungiyar masana ƙiyasin kuɗin ayyuka ta AACE International ta raba ƙiyasi aji biyar, gwargwadon yawan bayanin da ake da shi a kan aikin. A ma'auninta na manyan ayyukan masana'antu, ƙiyasin aji na biyar, wanda ake yi tun bayani bai taru ba, ainihin kuɗin yana iya faɗuwa ƙasa da shi da rabi ko ya ninka shi. Sai an kai aji na ɗaya, inda zane da awo suka kammala, tazarar ke komawa kashi kaɗan cikin ɗari. A Nijeriya ma ƙididdigar kayan gini sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙungiyarta, NIQS, tun 1969, kuma masu ita daga zane da awo suke fitar da lissafinsu. Gaskiya ne ana iya yin awo sahihi da hotuna, kamar yadda safiyo ke yi da jirgi mara matuƙi, amma wannan yana buƙatar hotuna masu yawa da suka hau kan juna, da alamomin da aka riga aka auna a ƙasa. Hotuna shida na waya ba su kusanci haka ba.

Abin da zai rage tazarar

Wasiƙa mai amfani ba ta tsayawa a kan faɗin abin da ba a sani ba, tana nuna yadda za a sani. Abin da ma'aikacin ya nema ba ya wuce aikin safiya ɗaya ga mutum biyu da tef. A auna kowane gefe na filin a rubuta, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Fili mai ƙafa 50 da 100 wanda kusurwoyinsa suke daidai zai ba da kusan ƙafa 112 ta kowane ɓangare, idan awon biyu suka saɓa to filin a karkace yake. A ɗauki hoton kowace katanga ana fuskantarta kai tsaye, a jingina tef ko sanda mai mita ɗaya a jikin bangon kansa, ba a gabansa ba. A hau a ɗauki saman katangar domin kaurin bulon ya fito. A ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 2 a jikin bango a wurare da dama, a auna ratar da ta rage a bayansa, wannan ne zai faɗi kaurin filasta. A zagaya gindin tulin yashi da tef, a auna tsayinsa da sanda. A tona rami biyu ko uku a gindin katanga har a ga ƙarshen harsashi. Daga ƙarshe a turo hotunan ta Document domin su iso da cikakken haskensu, a kuma rubuta ranar da aka ɗauka.

Da waɗannan a hannu, bulo zai koma lamba kusan ɗaya, siminti zai matso cikin tazarar buhu kaɗan, maganar yashi kuma za ta zama i ko a'a. Wasiƙar ta rufe da cewa: "Wannan lissafi na tanadin kuɗi ne kawai. Kada a sayi kaya da shi, kada kuma a ƙulla jinga da birkila a kansa. Idan Alhaji ya amince, zan je da kaina in auna, ko a turo abin da na lissafa a sama in sake aikin. Allah ya sa a gama lafiya. Na gode."

Ga mai karatu da ke gini daga nesa, ga abin da ya kamata ya riƙe. Idan aka ba ka ƙiyasi daga hoto, tambayi wanda ya yi shi abin da ya ƙirga, abin da ya zata, da abin da bai gani ba. Yi tanadin kuɗinka a kan lambar sama, ka fara sayen kaya a kan ta ƙasa, musamman siminti da ba ya jure ajiya idan danshi ya same shi, ka ƙaro sauran bayan an auna. Wanda ya kalli hotuna shida ya ce maka buhu 35 cif, ko dai ya ƙara domin ya tsira, ko ya rage domin ya samu aikin, ko kuwa bai san abin da ya ɓoye masa ba, kuma a duk ukun kai ne za ka biya. Kuɗin motar da zai kai ma'aikaci filinka da tef a hannu bai kai kuɗin buhu 18 na siminti ba. Ka biya shi ya je ya auna kafin ka tura kuɗin kaya.